Ka Gode wa Kwamiti, To Wa Ya Gane Kai Ne?

Akwai wata takardar godiya da ke yawo a wayoyin matasanmu daga Garou har cikin Malanville, kuma ni dai ta kai mini iya wuya. Da Faransanci ake rubuta ta, amma ma'anarta ba ta wuce wannan ba: "Ina miƙa matuƙar godiyata bisa damar da kuka ba ni. Ganawar da muka yi ta ƙara mini sha'awar aiki da ma'aikatarku mai daraja. Ina jiran amsarku mai daɗi." Sai suna a ƙasa. Wanda ya nemi aikin malamin gona ita yake turawa. Wanda ya nemi aikin tsaron sito ita yake turawa. Yarinyar da ta nemi aikin wayar da kan mata a kan rigakafi ita ma ita take turawa, har wani lokaci ta manta ba ta gyara kalmomin da ke nuna namiji ne ya rubuta ba.

Yaran ba su ne suka fi ba ni haushi ba. Waɗanda nake jin zafinsu su ne yayyensu da suka yi karatu a Parakou ko Kwatano, waɗanda ƙane zai kira ya ce, "Yaya, na fito daga intabiyu, me zan rubuta musu?" sai a laluba cikin waya a turo masa wannan tsohon yayi, a ce ya sauya suna kawai. Da su, da masu shagon buga takardu da ke da ita ajiye a cikin na'ura, suna karɓar kuɗin yaro su ba shi abin da suka ba mutum goma kafin shi. Wannan ba taimako ba ne. Yaro ya samu dama ta ƙarshe ta yin magana da mutanen da ke riƙe da abincinsa, ku kuma kun sa masa bakin wani.

A san irin zamanin da ake ciki tukuna. Tun juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta daina zama abin da muka sani. An ɗage takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe, jama'a suka koma ga jiragen ruwa. Duk wanda ke cin abinci a gindin manyan motoci, daga mai cike takardun kwastan har ɗan dako, ya ji a jikinsa. Samarin da a da ba su damu da aikin ofis ba sai ga su da takardun makaranta a leda, suna bin duk wata sanarwar ɗaukar ma'aikata da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ayyukan raya noma ke mannawa. Guraben kaɗan ne, masu nema tuli. A irin wannan hali ne ake ba yaro takardar da ba ta da fuska.

Na sha zama a kwamitin tantancewa na wata ƙungiya da ke aiki da manoman kwarin nan, don haka bari in faɗi yadda ɗakin yake daga ciki. Yawanci mutum uku zuwa biyar ne a bayan tebur: shugaban aikin, masanin fannin, mai kula da kuɗi ko ma'aikata, wani lokaci da wakilin manoma. Kowa da takardar ba da maki a gabansa, an ja mata layi, an rubuta tambayoyin tun kafin a buɗe ƙofa. Tambayoyin nan iri ɗaya ake yi wa kowa, don kada wani ya ce an yi masa rashin adalci. Gabatar da kanka. Me ka sani game da aikinmu. Kana jin Dendi, kana jin Fulatanci, ka iya babur. Mutum ya yi minti ashirin ko talatin ya fita, wani ya shigo. Daga safe har la'asar haka ake yi, ga zafin Malanville da kowa ya sani, fanka na kaɗa iska mai ɗumi. Kafin a kai ga mutum na takwas fuskoki sun fara cakuɗewa. Da yamma idan ana tattaunawa ba ka jin ana cewa wane ɗan wane. Abin da za ka ji shi ne "mai shuɗiyar rigar nan", ko "wanda ya yi maganar bashin mai". Da abin da ya faɗa ake tuna mutum, sunansa yana can cikin fayil.

To ka ga inda takardar yayi ta faɗi. Ta iso washegari da suna a ƙasa, sunan da babu wanda ya haɗa shi da fuska, kuma babu kalma ɗaya a cikinta da za ta taimaka a haɗa. Kamar buhun albasa ne da aka ɗora a jirgi ba a yi masa shaida ba: ya haye lafiya, amma a wancan gaɓar babu mai cewa ga mai shi.

Abin da ke raba ganawarka da ta sauran ba ya cikin tambayoyin da aka rubuta. Yana cikin abin da ya ɓullo a tsakaninsu: inda wani ɗan kwamiti ya ajiye biro ya ce "tsaya, to idan kaza ya faru fa?", inda aka yi maka gardama, inda wani ya ɗauki minti biyu yana bayyana wata matsala da ke hana shi barci. Wannan wurin naka ne kai kaɗai, babu wanda ya shiga ɗakin da aka yi shi da shi. Shi ake ɗaukowa a sa a takarda.

Ga yadda na ga an yi shi daidai. Ana neman malamin gona da zai riƙa zagaya ƙungiyoyin masu noman albasa a wajen Garou da Madekali. A cikinmu akwai wani dattijo da manoma suka wakilto, ba ya karanta Faransanci, amma ya fi mu duka sanin abin da ake magana a kai. Aka tambayi wani saurayi me zai yi game da albasar da ke ruɓewa a ajiya. Ya kawo amsar makaranta tsaf: a daina ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, a jira sai yawancin ganye ya kwanta, a shanya a inuwa har wuya ya bushe, a ware wadda ta ji rauni da mai kaurin wuya, kada a yi ta zuba takin yuriya a ƙarshen noma. Duk gaskiya ne, masanin noma yana ta gyaɗa kai. Sai dattijon ya gyara zama ya ce da Hausa, "Ɗana, ka yi karatu. Amma mutumin da ake bin sa bashin mai da na taki, mai bashi na tsaye a kansa, kuma da buhu ake saye, wa zai hana shi ba da ruwa har ranar da zai cire? Ruwan nan shi ke cika masa buhu." Saurayin ya yi shiru, ya ce, "Gaskiya ne, Baba," ya ɗan kame-kame a kan wayar da kai, lokaci ya cika, ya fita.

Washegari kafin azahar saƙonsa ya shigo imel ɗin ofis. Ga ma'anar abin da ya rubuta:

"Zuwa ga shugaba da 'yan kwamiti. Na gode da lokacin da kuka ba ni jiya a kan gurbin malamin gona na yankin Garou. Tambayar da wakilin manoma ya yi mini, game da manomin da bashi ke tilasta masa ban ruwa har ranar cira, ban ba ta haƙƙinta ba a ɗakin, kuma na kwana da ita. Da ni ne a gonar, ba zan ce ya yanke ruwa gaba ɗaya ba. Zan nemi mu raba gonar biyu tun wata guda kafin cira: kashin da zai sayar nan take ya biya bashi, da ƙaramin kashi na ajiya wanda shi kaɗai za a yanke wa ruwa da taki. Ina roƙon a isar wa Baba godiyata. Ina nan idan ana bukatar wata takarda."

Ku dubi abin da ke cikin 'yan layukan nan. Ya faɗi gurbin da ranar, don sakatare ya san fayil ɗin da zai sa ta. Ya faɗi wanda ya yi tambayar, kuma ya faɗi tambayar yadda aka yi ta, bai yi mata kwaskwarima don ta dace da amsar da ya haddace ba. Ya yarda bai amsa da kyau ba a cikin rabin jimla, bai tsaya kuka da neman afuwa ba. Sannan ya ƙara abu ɗaya da ba a ji daga bakinsa ba jiya. Kuma abin da ya ƙara ɗin mai hankali ne. Albasar da ta sha ruwa har ƙarshe tana da girma a ido, amma wuyanta ɗanye ne, ta nan ruɓa ke shiga, shi ya sa ba ta jure zaman rudu. Farashi kuwa a ƙasa yake lokacin cira, a watannin zafi da kowa ke fitar da tasa, sai damina ta yi nisa yake tashi. Manomin da ba shi da bashi zai iya jira da gonarsa duka. Wanda ke da bashi ba zai iya ba, amma zai iya jira da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka fassara wa dattijon sai ya yi dariya ya ce, "Yaron nan ya ji ni."

A nan ne maganata take. Aikin malamin gona, da na mai wayar da kai, da na sakataren ƙungiya, rabinsa saurare ne. Za ka zauna a gindin bishiya mutum ashirin na magana da harshe uku, ka koma ofis ka rubuta rahoton da zai nuna abin da ya fi damunsu. Kwamiti ba shi da hanyar auna wannan a cikin minti ashirin da kai ne ke ta zuba. Takardar godiya ita ce rahotonka na farko. An yi taro, kana ciki, mutum huɗu shaidu ne a kan abin da aka faɗa, ga shi ka kawo abin da ka tsinta. Wanda ya turo takardar yayi shi ma rahoto ya kawo, kuma abin da rahotonsa ya ce shi ne ya zauna a taro bai fito da komai ba.

Saboda shaidun nan huɗu ne kuma abin ke da haɗari ga maƙaryaci. Idan mutum ɗaya ya gana da kai, ka ɗan murɗe abin da ya faɗa, yana iya zargin kansa da mantuwa. Kwamiti ba ya haka. Ka ce mai kula da kuɗi ne ya yi tambayar da masanin noma ya yi, za a dubi juna a yi murmushi, an gama da kai. Ka rubuta cewa "kamar yadda muka tattauna kan muhimmancin aiki tare" alhali babu wanda ya ta da zancen, kowa ya gane daga wata takardar ka kwaso. Maganinsa mai sauƙi ne, amma ba a yi: da ka fito, kafin ka hau babur, kafin ka kira gida, ka samu inuwa ka rubuta wa ya zauna a ina, wa ya tambayi me, da kalmomin da ya yi amfani da su. Bayan sallar isha'i rabin abin ya gudu daga kanka, sauran rabin kuma zuciyarka ta gyara shi yadda zai yi maka daɗi.

Wasu kuma da suka ji wannan shawara sai su zarce. Su cika shafi biyu, su bi tambayoyi bakwai ɗaya bayan ɗaya suna sake amsawa, su liƙa takardun shaida da ba a nema ba. Wannan ya tashi daga godiya ya koma neman a sake maka jarrabawa kai kaɗai bayan an sallami kowa, kuma ɗan kwamiti mai tsoron Allah zai ji ba daɗi, don ya san sauran ba su samu wannan damar ba. Ga shi a waya za a karanta, a tsaye, tsakanin wani aiki da wani. Magana ɗaya ana riƙe ta, a maimaita wa abokin aiki a bakin ƙofa. Bakwai babu mai riƙewa. Kuma zaɓen ɗayar shi kansa gwaji ne. Wanda ya zaɓi zancen albashi ko kuɗin mai ya nuna inda hankalinsa yake. Wanda ya zaɓi wata maganar banza da shugaba ya yi, don kawai shugaba ne ya yi ta, ya nuna shi bafade ne, kuma sauran ukun da ya tsallake suna gani. Maganar da ta cancanta ita ce wadda ta taɓa aikin da za ka yi kullum, ko daga bakin mafi ƙanƙanta a teburin ta fito.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a majalisa bayan magariba: "Malam, kai ma dai. A ƙasar nan takarda ke ba da aiki? Wanda ya san wani shi ke samu." Ba zan yi musun akwai wannan ba, ba jiya aka haife ni ba. Kuma zan ƙara muku da abin da masu tallar dabarun neman aiki ba sa faɗa: a ƙungiyar da ke bin ƙa'ida, ana tara maki a ranar, a rubuta rahoton zama, kowa ya sa hannu kafin a watse. Takardar da ta zo washegari ba ta ƙara rabin maki. Saurayin nan mai raba gona bai samu gurbin ba, na biyu ya zo, wanda ya fi shi gogewa aka ɗauka, kuma daidai ne. A jarrabawar shiga aikin gwamnati kuwa, inda lamba ake bi, babu ma wanda za ka rubuta wa, kada ka wahalar da kanka.

Amma waɗanda ke cewa takarda ba ta da amfani ba su san yadda ayyukan nan ke tafiya ba. Kwangilarsu gajera ce, wata shida, shekara ɗaya. Wanda aka ɗauka daga kudu yakan zo ya ɗanɗani zafi da nisa, Kwatano na can fiye da kilomita 700, ya samu wani abu ya koma. Ana ajiye jerin masu jiran gurbi. Lokacin rabon iri ko ƙidayar gonakin da ambaliya ta ci, kamar yadda kogin Kwara ya saba yi mana a ƙarshen damina, ana neman hannu na wucin gadi cikin gaggawa, babu lokacin sabuwar sanarwa, sai a buɗe tsohon fayil. Sannan mutanen da ke zama a kwamitocin nan, daga Kandi zuwa Karimama, ba su da yawa, kuma suna tambayar juna. A duk waɗannan wuraren babu takardar maki a gaban kowa. Abin da ke aiki shi ne wa aka tuna. Da irin wannan aikin na ɗan lokaci ya taso, dattijon ne da bakinsa ya ce, "Ina yaron nan da ya ce a raba gona?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen da ke raina takarda su ne ke tura yara kamun ƙafa. A ce wa yaro ya nemo lambar shugaban kwamiti, ya kira shi da dare, ko ya bi shi gida da 'yar leda, ko a tura kawu ya je gaisuwa. Mu mutane ne masu gaisuwa da ban-gajiya, ban ce a bari ba. Amma a tsakanin ganawa da fitar sakamako, zuwa gidan ɗan kwamiti jefa shi cikin zargi ne. Idan mutumin kirki ne, dole ya faɗa wa sauran, kuma daga ranar ko ka cancanta ba zai iya buɗe baki ya kare ka ba. Idan ba na kirki ba ne, ka sayi ubangidan da zai riƙa tuna maka har ka bar aikin. Takarda mai magana ɗaya tana yin abin da ake nema da kamun ƙafa, wato a tuna da kai, amma a fili take yi, ta ƙofar da aka kira ka. Idan da imel aka gayyace ka, ka amsa ta nan. Idan sakatare ne ya kira ka ko ya turo saƙon WhatsApp da lambar ofis, ka tura masa ka roƙi ya isar wa kwamiti. Idan babu ko ɗaya, ka rubuta da hannu mai kyau ka kai ofis a ambulan. Guda ɗaya, zuwa ga kwamiti duka, kafin rana ta biyu ta faɗi. Kada ka tura wa mutum huɗu saƙo iri ɗaya kowa a ɓoye, tebur ɗaya suke cin abinci. Kada kuma ka bi ta da "kun gani?" kowace safiya.

Faransancinka ba sai ya zama na littafi ba. Na ga takardu masu kurakuran rubutu da suka yi aiki, na ga masu santsi kamar an goge da mai da ba a kai ƙarshensu ba. Idan za ka kai wa yayanka ya duba, ka ce ya gyara nahawu, ya bar maka maganarka. Da ya fara cusa "ma'aikatarku mai daraja" ka karɓe wayarka.

Ku kuma 'yan kwamiti, har da waɗanda muka zauna tare, ba ku fita ba. Yaro ya shigo yana rawar jiki, mutum huɗu sun zuba masa ido, babu wanda ya ce ni ne wane, ga aikina. A yi masa tambayoyi kamar a gaban alƙali, a ce "za mu kira ka", ba a faɗi yaushe ba, ba a ba shi adireshin da zai rubuta ba, kuma sau da yawa ba a kiran. Sannan ku zauna kuna cewa yaran yanzu ba su da tarbiyyar aiki. Ta yaya zai ce "tambayar da mai kula da kuɗi ta yi mini" alhali bai san wace ce mai kula da kuɗin ba? Gabatar da kai minti ɗaya ne. Rubuta adireshin ofis a ƙasan takardar gayyata layi ɗaya ne. Wanda ya biya kuɗin babur daga Garou, ya yi hoton takardu, ya biya hatimin tabbatar da su a ofishin magajin gari, ya yini a benci da yunwa yana jiran a kira sunansa, ya cancanci ya san da wa ya yi magana, kuma ya cancanci a gaya masa sakamako ko bai ci ba.